In, On, At: Ƙananan Kalmomi Uku da Suka Kusa Hana Ni Gurbin SIWES

Bara, da muka kammala ND I aka ce kowa ya nemi inda zai yi SIWES, na zauna a ɗaki na rubuta takardar neman gurbi da hannuna. Na kai shagon kwamfuta aka buga mini ita tsaf, na sa a ambulan, na nufi wani ofis a nan cikin Dutse, ba sai na faɗi sunansa ba. Wadda ta karɓi takardar wata Hajiya ce mai tabarau, za ta yi sa'ar mahaifiyata. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta sake karantawa. Sai kawai na ga ta zaro jan biro.

"Ɗana, kai ka rubuta wannan?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

Ta ce, "To, aikin da za ka taya mu a nan rabinsa buga wasiƙu ne da sanarwar taro. Je ka gyara inda na zagaye, ka dawo gobe. In ka iya gyarawa da kanka, akwai gurbi."

Da na fito na tsaya a inuwar wata darbejiya na ƙirga. Zagaye takwas, a cikin jimla huɗu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu babbar kalma ko ɗaya a ciki. Duk manyan kalmomin da na wahala na duba a ƙamus sun tsira. Waɗanda jan biro ya kama su ne 'yan mitsi-mitsin nan da malaman Turanci ke kira firifozishin, waɗanda tun aji uku na firamare muke rubuta su. Ga abin da na rubuta, ban sauya komai ba:

*I am an ND I student in Jigawa State Polytechnic. I was born at Birnin Kudu on 2004 and I live in No. 15, Kiyawa Road. I wish to begin my attachment at November. I can report in Monday morning by 8 o'clock, and I promise to be in time every day.*

Kafin ka ci gaba, ɗan'uwa, ɗauki biro ka gwada nemo takwas ɗin. Na nuna wa abokai biyar a ajinmu, wanda ya fi ƙoƙari huɗu ya gano, kuma yana da kiredit a Turanci.

Laifin na "a" ne da "da"

A daren nan ne na fara gane cewa matsalar ba ta daƙiƙanci ba ce. Daga Hausarmu take tasowa. Duba waɗannan: a Dutse, a kasuwa, a ƙofar makaranta, a bango, a shekarar 1991, a watan Agusta, a ranar Talata. Kalma ɗaya ce tak, "a", ta ɗauki wannan kaya duka, kuma babu Bahaushen da ya taɓa ruɗewa. Ta ɓangaren lokaci kuma muna da "da": da safe, da dare, da ƙarfe takwas, da damina, da azumi, da Salla. Shi kuwa Bature ya raba wannan aiki gida uku. Don haka duk lokacin da ka yi tunani da Hausa ka zo rubutawa da Turanci, kana da "a" guda ɗaya a ka, ga ƙofofi uku a gabanka, sai ka yi canki-canka. A ganina ma shi ya sa da yawanmu muke yawan faɗawa kan *at*, don ita ce ta fi kama da "a" a kunne. Haka na yi da Birnin Kudu, haka na yi da Nuwamba.

Amma Hausar da ta jefa mu ramin ita ce kuma take da igiyar fito da mu. Idan muka so fayyace magana, ai ba ma tsayawa a "a" kaɗai. Mukan ce a cikin, a kan, a jikin, a bakin, a wajen, daidai. Bambancin da Turanci yake yi muna da shi, sai dai mu ba dole ba ne mu furta shi, su kuwa dole ne. Abin da na koya wa kaina shi ne in riƙa tilasta wa "a" ɗina ta ƙarasa maganarta kafin in juya ta.

Hoton da ke bayan kalmomin uku kuwa guda ne, ko a wuri ko a lokaci. *In* abu ne mai ciki, wanda ya kewaye ka, kamar ɗaki ko gari ko wata. *On* shimfiɗa ce ko layi, abin da ake hawa ko ake manna abu a jikinsa, kamar tabarma ko titi. *At* kuwa ɗigo ne, wuri ɗaya da za ka nuna da yatsa ba tare da ka damu da faɗinsa ko cikinsa ba.

Lokaci ya fi sauƙi, mu fara da shi

A lokaci, kalmar Hausar da ke cikin maganarka tana gaya maka amsa. Idan ka ji "ƙarfe", *at* ce. Idan ka ji "ranar", *on* ce. Idan ka ji "watan" ko "shekarar", ko damina, rani da hunturu, *in* ce. Ka kalli agogon bango da kalanda: tsinken agogo yana nuna ɗigo ɗaya, rana ɗan gida ce a fuskar kalanda da za ka ɗora yatsa a kanta, wata da shekara kuwa buhu ne da ranaku suke ciki.

Mu gwada da abin da kowane ɗan Jigawa ya sani. An ƙirƙiro jihar nan ranar Talata, 27 ga Agusta, 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka mai da Dutse babban birni. Magana ɗaya ce, amma kalmar tana sauyawa gwargwadon yadda ka faɗe ta. In shekarar kawai ka ambata, *Jigawa State was created in 1991*. In ka ƙara wata, har yanzu kana cikin buhu, *in August 1991*. Da zarar lambar rana ta shigo, sai a koma *on 27 August 1991*. Wata da shekara suna nan a jimlar, amma ba su ne suke zaɓen kalmar ba. Rana ce take zaɓe, don ita ce ta fi kusa da kalmar kuma ita ce ake magana a kai. Nan ne na yi tuntuɓe a takardata. Na saba jin *born on* a fom-fom da ake cikewa, inda ake rubuta cikakken kwanan wata, sai na haddace su tare kamar kalma ɗaya, na manna wa 2004 ita. Shekara tsura kuwa *in* take ɗauka: *born in 2004*.

Idan abubuwan sun haɗu a jimla ɗaya, kowa da tasa. Sanarwar tes, misali: *The test will hold at 10 a.m. on Thursday*. Agogo ya ɗauki tasa, rana ta ɗauki tata. Wannan *will hold* ɗin ma Turancin Nijeriya ne, Bature zai ce *will be held*, amma wannan magana ce ta wata rana.

Inda abin ya fara santsi shi ne wajen "da". Mu a wurinmu da safe, da yamma, da dare duk tafiyarsu ɗaya. A Turanci kuwa *in the morning*, *in the afternoon*, *in the evening*, amma *at night*. Haka nan *at noon* da *at midnight*, waɗannan biyun ma da dalili, tunda ƙarfe sha biyu suke nufi daidai. Shi *at night* ba na wahalar da kaina neman hujjarsa, haddace shi na yi. Akwai *in the night* a Turanci, amma ma'anarsa wani lokaci a cikin wani dare takamaimai, kamar ka ce ka farka cikin dare ka ji ana ruwa. In kana nufin ɗabi'arka ce yin karatu da dare, *I read at night* za ka ce.

Sai babban tarkon, wanda ya kama ni a jimlar ƙarshe. Na san *in the morning*, don haka na rubuta *in Monday morning*. Amma faɗe ta da Hausa ka ji: ranar Litinin da safe. Kalmar "ranar" ta shigo, kuma duk inda ta shigo ita ce sarki. *On Monday morning*, *on Friday night*, *on the morning of 1 October 1960*. Har daren ma da yake ɗaukar *at*, in aka sa masa sunan rana sai ya sallama.

Haka abin yake ga lokutanmu na addini. Azumi wata ne, don haka *in Ramadan*. Idan kana nufin lokacin bukukuwan Salla gaba ɗaya, kwanakin hawa da ziyara, *at Sallah* ne, kamar yadda suke cewa *at Christmas*. In kuwa ranar idin kanta kake nufi, ka ji "ranar" ta dawo: *on Sallah day*.

Wannan dabara ta "ranar" tana da iyaka, kuma gara in faɗe ta tun kafin ta kunyata wani. Muna cewa "ranar Litinin mai zuwa", "ranar Juma'ar da ta wuce", "kowace ranar Litinin". Kunne zai ce maka sa *on*. Kada ka sa. Idan *next*, *last*, *this* ko *every* ta zo gaban lokaci, ita ta tsaya a gurbin, ba a ƙara komai. *I will go to Shuwarin market next Monday*, ba *on next Monday* ba. Kana iya cewa *Shuwarin market is held on Mondays*, ko *every Monday*, amma ba *on every Monday* ba a maganar yau da kullum. Haka *today*, *tomorrow* da *yesterday*, su ma tsurarsu suke tafiya. Wannan kuskure na *on next week* da *in this evening* na fi ganinsa a sanarwar ƙungiyoyi da ake mannawa a allon sanarwa, har da wadda ni kaina na taɓa sa wa hannu.

"By" ba "at" ba ce, kuma wannan na iya jawo asara

Zagaye na bakwai a takardata ba ya cikin kalmomin uku, amma wurin *at* ya ƙwace, don haka dole a yi maganarsa. A ƙasar nan mun mai da *by* ta zama "da ƙarfe". Kowane katin ɗaurin aure *by 2 p.m.* yake cewa. A daidaitaccen Turanci kuwa *by 8 o'clock* na nufin kafin takwas ko zuwa takwas, kada dai a wuce. *At 8 o'clock* shi ne da ƙarfe takwas daidai. Idan lakcara ya rubuta *Submit your assignment by 12 noon on Friday*, ba cewa ya yi ka zo ranar Juma'a da sha biyu ba. Cewa ya yi ƙofa tana buɗe tun yanzu, sha biyun Juma'a za a rufe. Wanda ya fahimce ta a matsayin "da ƙarfe sha biyu" shi ne za ka gani yana gudu daga shagon fotokofi sha biyu da minti goma, ga masallaci na jira, ga ofis a kulle. Jimlata ta *by 8 o'clock* ba karyayya ba ce a nahawu, sai dai ba abin da nake nufi ta faɗa ba. Ni lokacin da zan iso nake son faɗa, don haka *at* ce.

Na takwas kuma, *in time* da *on time*, Hausa ta riga ta raba mana su, mu ne ba mu lura ba. *On time* shi ne "a kan lokaci": an sa takwas, ka zo takwas. *In time* shi ne "cikin lokaci", wato ka iso da sauran dama kafin abu ya wuce ka. Wanda ya iso tasha mota tana shirin tashi ya samu kujera, *he arrived in time to get a seat*. Ma'aikacin da ba ya latti kuwa *he is always on time*. Ni alƙawarin rashin latti nake yi wa Hajiya, ka ga *on time* ya kamata.

Wuri: daga gari zuwa titi zuwa ƙofar gida

Adireshi shi ne wurin da tsarin ya fi fitowa fili, kuma tafiyarsa ɗaya da ta lokaci, daga babba zuwa ƙarami. Ƙasa, jiha, gari da unguwa duk suna kewaye ka: *in Nigeria*, *in Jigawa*, *in Dutse*, *in Takur*. Titi layi ne: *on Kiyawa Road*. Lambar gida ɗigo ce a kan layin: *at No. 15, Kiyawa Road*. Yadda lambar rana ta juya *in August* ta koma *on 27 August*, haka lambar gida take juya *on Kiyawa Road* ta koma *at*. In ka ci karo da *in* kafin sunan titi a littafin da aka buga a Ingila, kada ka ce sun yi kuskure, Turawan Ingila suna faɗin haka. Amma da lambar gida, *at* ce a ko'ina.

To me ya sa wani lokaci ake ganin *at* kafin sunan gari? Saboda ba girman wurin ne kaɗai yake yanke hukunci ba, yadda kake kallonsa ne. Idan ka taso daga Kano za ka Dutse, direba ya tsaya a Wudil shan mai, Wudil a wurinka zango ce a kan hanya, ɗigo a taswira: *We stopped at Wudil*. Amma wanda yake zaune can da iyalinsa, *he lives in Wudil*. A tsofaffin littattafai za ka ga *born at* da sunan ƙaramin gari, sai dai a rubutun yau *born in Birnin Kudu* shi ne abin da mai duba takardarka yake sa ran gani.

Wannan bambanci na yadda kake kallon wuri shi ne zuciyar *at* da *in* a gine-gine, kuma a nan na fi daɗewa kafin in gane. *At* tana faɗin inda kake a matsayin wurin wata harka. *In* tana cewa kana cikin ginin, bango ya kewaye ka. Abokinka ya kira ka, ka ce *I am at the library*: ka je laburare, wataƙila kana ciki, wataƙila kana bakin ƙofa kana jiran a buɗe. In ka ce *I am in the library*, to ya shigo ciki ya neme ka. Shi ya sa makaranta a matsayin inda kake karatu take ɗaukar *at*, sashe kuma, da yake rukuni ne da kake cikinsa, yake ɗaukar *in*: *I am a student at Jigawa State Polytechnic, in the Department of Computer Science*. Za ka ji masu cewa *in the polytechnic* kuma kowa zai gane, amma a takardar neman aiki *at* ce ta zauna daidai. In ka ga dama ka ce *a student of*, ita ma ta karɓu.

Akwai inda wannan ɗan bambanci yake tayar da hankali. Wani ɗan ajinmu ya je duba maƙwabcinsa, yayansa ya turo masa saƙo daga Abuja yana tambayar ina yake, ya amsa da *I am in hospital*. Kafin ya fito an kira shi ya fi sau goma, har mahaifiyarsu ta ji labari. A Turancin Ingila, wanda shi muke bi a makaranta, *in hospital* na nufin an kwantar da kai. Mai dubiya *at the hospital* yake.

Wajen isowa kuma, mu "na isa Dutse" muke cewa, babu komai a tsakani, shi ya sa *arrive Dutse* take zo mana da sauƙi, ga shi kuma kanun jaridunmu suna yawan rubuta ta haka. Wasu kuma su ce *arrive to*. A jarrabawa duka biyun faɗuwa ne. Tsarin adireshi za ka bi: *arrive in Dutse*, amma *arrive at the motor park*. Wadda take tafiya tsurarta irin ta Hausa ita ce *reach*: *We reached Dutse before Maghrib*.

Inda fassara take yaudara

Na ce a tilasta wa "a" ta ƙarasa maganarta, kuma sau da yawa hakan yana fitar da kai. A cikin jaka, *in the bag*. A kan tebur, *on the table*. A bakin ƙofa, *at the gate*. "A jikin" ma *on* ce kusan kullum: a jikin bango *on the wall*, a jikin allon sanarwa *on the notice board*. Wannan ya warware mini ruɗanin da na daɗe da shi, don a da ina ɗauka *on* sai abin da yake kwance a sama.

Amma akwai 'yan wurare da Bahaushe yake ganin ciki, Bature yana ganin shimfiɗa. Mu muna cewa "ina cikin makaranta", su harabar makaranta fili suke ɗaukarta, *on campus*. Ka saurara yau a bakin get ka ji sau nawa za a ce *in campus*. Gona ma haka, *on the farm*. Bene hawa ne, *on the first floor*. Sunanka yana cikin jerin waɗanda suka ci, amma *on the list*. Labari yana cikin littafi ko jarida, *in the book*, *in the newspaper*, sai dai shafi fuska ce, don haka *on page 12*. Kayan lantarki kuwa kusan duk *on* ne, ko da mu muna cewa "yana cikin wayata": *on my phone*, *on the radio*, *on the portal*. Da na tara su wuri ɗaya sai na ga ba su da yawa, kuma su ne dai suke ta maimaituwa a bakinmu.

Abin hawa shi ya fi ba ni dariya. Mu komai hawansa muke yi, daga jaki har jirgin sama. A Turanci abin da kake ɗarewa a kansa *on* ne, wannan ba gardama: *on a motorcycle*, *on a bicycle*, *on a horse*. Ƙaramar mota da kake sunkuyawa ka shiga ka zauna, *in a car*, *in a taxi*, kuma Keke Napep ma nan ya faɗa. Amma manyan abubuwan hawa na haya, waɗanda za ka taka ka shiga har ka yi tafiya a tsakiyarsu, sai su koma *on*: *on the bus*, *on the train*, *on the plane*. Na san abin da za ka ce. Bas ɗinmu ta Kano da ake cusa mutum huɗu a layi, wa ya isa ya miƙe a cikinta? Gaskiya ne, amma kalmar *bus* ta riga ta saba da *on* idan ana maganar tafiya, ko da ƙaramar Hayis ce. *In the bus* ba haramun ba ce, ana faɗinta idan cikin motar kansa ake nufi, misali an ajiye ta a tasha kana zaune a ciki kana gudun rana. In dai kana kan hanya ne aka kira ka, *I am on the bus*.

Yadda nake duba takarda yanzu

Karanta takarda daga sama zuwa ƙasa ba ya kama waɗannan kurakurai, don ido yana tsallake ƙananan kalmomi, hankali yana kan ma'ana. Abin da nake yi shi ne irin na Hajiya. In na gama rubutu sai in ɗauki biro in zagaye kowace *in*, *on*, *at* da *by*, ba tare da na karanta jimlar ba. Sannan in dubi abin da ya biyo bayan kowace. In lokaci ne, in tambayi kaina: ƙarfe ne, rana ce, ko wata da shekara? Akwai *next* ko *last* a wurin? In wuri ne, in faɗe shi da cikakkiyar Hausa: a cikin, a kan, a jikin, ko a bakin? Sai in tuna ko yana cikin 'yan tawayen nan irin su harabar makaranta da waya da bas. Wasiƙa mai shafi ɗaya ba ta cin minti biyar. A jarrabawar GNS ma ina ware mintunan ƙarshe don wannan kaɗai.

Wanda ya gagara, ƙamus ake dubawa, amma ba a duba *in* ko *on* ɗin, don shafukansu sai su ƙara ruɗa ka. Sunan da ya biyo baya ake dubawa. Nemi *campus* ko *weekend* a ƙamus irin na masu koyo, misalan da ke ƙarƙashinsa za su nuna maka abokiyar tafiyarsa. A nan ne na ga cewa Ingila *at the weekend* suke cewa, Amurka kuma *on the weekend*, bayan mun shafe rabin awa muna musu da wani abokina, ashe kowa da gaskiyarsa. Wannan tsari dai na wuri ne da lokaci. Irin su *interested in*, *depend on* da *good at* ba sa bin sa, kalmar da ta gabace su ce take zaɓar su, sai dai a haddace su tare.

Washegari da ƙarfe takwas saura na koma ofishin nan da sabuwar takarda:

*I am an ND I student at Jigawa State Polytechnic. I was born in Birnin Kudu in 2004 and I live at No. 15, Kiyawa Road. I wish to begin my attachment in November. I can report on Monday morning at 8 o'clock, and I promise to be on time every day.*

Hajiya ta gyara zaman tabarau ta bi ta layi-layi, jan biron yana hannunta. Ta kai ƙarshe ba ta taɓa komai ba. Sai ta nuna jimla ta uku da bakin biron ta ce, "In da ranar 3 ga Nuwamba za ka fara fa, me za ka rubuta?"

Na ce, "*On 3 November*, Hajiya."

Ta sa hannu, ta miƙa wa masinja ta ce ya kai ni wurin mai rajista.